Gwajin difarenshiyeshan ya ce daidai, amma girman fili ya fito sifili

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar aji uku a sakandare, daga Aboabo nan Kumasi, ina yin Ilektif Mas. A takardar aikin intigireshan da aka ba mu an ce a nemo girman filin da ke tsakanin y = x² − 4x + 3 da layin x, daga x = 0 zuwa x = 3. Na samu x³/3 − 2x² + 3x, na yi masa difarenshiyeshan kamar yadda aka koya mana, ya dawo da ni kan x² − 4x + 3 daidai. Da na sa 3 da 0 sai amsa ta fito sifili. Malaminmu ya soke ta, ya rubuta 8/3. In gwajin ya nuna aikina daidai ne, to ina kuskuren yake?"

Wa alaikumus salam, 'yata. Malaminku yana da gaskiya, 8/3 ita ce amsa. Ke ma intigireshan ɗinki ba shi da aibi ko kaɗan, kuma gwajin da kika yi bai yaudare ki ba. Matsalar ita ce kin ɗora wa gwajin nauyin da bai ɗauka ba. Aikin nemo girman fili yana da gaɓoɓi uku: samo abin da za a sa wa lambobi, sa lambobin iyaka a ciki ba tare da an yi tuntuɓe da alamar mainos ba, sai kuma sanin ko zanen yana saman layin x ne ko yana ƙasansa. Difarenshiyeshan gaɓar farko kawai yake dubawa. Sauran biyun kowace da nata gwajin, kuma a ta ukun ne makinki ya zube.

Mu sa wa abin da kika samo suna don magana ta yi sauƙi. Mu kira shi F(x), wato F(x) = x³/3 − 2x² + 3x. Ke kin tambaye shi a wuri biyu kawai, a 0 da 3, duka biyun ya ce sifili. Ina so ki tambaye shi a tsakani ma. A x = 1, kina da 1/3 − 2 + 3, wato 4/3. A x = 2, kina da 8/3 − 8 + 6, wato 2/3. A x = 3, 9 − 18 + 9, sifili. Ki duba tafiyar lambobin nan: daga sifili ya hau zuwa 4/3, daga nan ya fara gangarowa, ya biyo ta 2/3, ya komo sifili. Ashe ba zaune yake ba tun daga farko har ƙarshe. Ya tara abu, sannan ya zubar da shi.

Ki ɗauki F kamar akwatin kuɗin mai shago a Kejetia. Da safe akwatin ba kome. Kafin azahar ciniki ya shigo da sidi 400. Bayan la'asar mai kawo kaya ya zo aka biya shi sidi 400. In da magariba kika buɗe akwatin, sifili za ki gani, kuma akwatin bai yi ƙarya ba. Amma in aka tambaye ki nawa ne kuɗin da suka gilma ta hannun mai shagon yau, shiga da fita, amsa sidi 800 ce. Intigiral mai iyaka, wato F(3) − F(0), abin da ya rage a akwati yake faɗa. Tambayar girman fili kuwa duk abin da ya gilma take nema.

Me ya sa F yake gangarowa

Dalilin yana cikin gwajin nan naki. Kin nuna cewa in aka yi wa F difarenshiyeshan ana samun y. Ma'anar haka ita ce y shi ne saurin da F yake canzawa. Duk inda y yake fulos, F hawa yake yi. Duk inda y ya koma mainos, dole F ya riƙa raguwa. Saboda haka gwajin da ya tabbatar miki da aikinki, shi ne kuma yake sanar da ke cewa duk filin da ke ƙasan layin x za a cire shi ne daga jimla, ba za a ƙara ba.

Akwai kuma hanyar ganinsa da ido. Intigireshan yanka fili yake yi sala-sala, siraran tsaye, ya ninka tsawon kowane sala da faɗinsa, ya tara. Alamar ∫ kanta harafin S ne da aka ja shi ya yi tsawo, masanin lissafi Leibniz ya fara rubuta ta a 1675 da nufin jimla. Faɗin salan, wato dx, fulos ne muddin kina tafiya daga hagu zuwa dama. Tsawon kuwa y ne, kuma y a ƙasan layin x lamba ce mai mainos. Mainos sau fulos mainos ne. Lissafin bai san cewa ke fili kike nema ba, shi dai yana tara abin da aka miƙa masa da alamarsa.

Yanzu ga yadda ya kamata aikin ya tafi. Kafin ki taɓa intigireshan, ki sa y = 0 ki warware. x² − 4x + 3 daidai yake da (x − 1)(x − 3), don haka zanen yana haɗuwa da layin x a x = 1 da x = 3. Lamba 3 iyakarki ce, ba ta da damuwa. Lamba 1 kuwa tana zaune a tsakiyar tazarar da aka ba ki, ita ce wurin da za ki raba aikin gida biyu. Ki ɗauki lamba ɗaya a kowane ɓangare ki gwada. A x = 0, y = 3, sama ke nan. A x = 2, y = 4 − 8 + 3 = −1, ƙasa ke nan. Ki zana shi a gefen takarda, ko da hannu kawai ba ruwanki da rula: ya sauko daga 3, ya tsallaka layin x a 1, ya nutse zuwa −1 a x = 2, ya taso ya taɓa layin a 3. Gani ya kori ji, kuma minti ɗaya ya ishe ki.

Ɓangare na farko, daga 0 zuwa 1: F(1) − F(0) = 4/3 − 0 = 4/3.

Ɓangare na biyu, daga 1 zuwa 3: F(3) − F(1) = 0 − 4/3 = −4/3.

Wannan mainos ɗin kada ki share shi a ɓoye kamar abin kunya. Ki bar shi a rubuce, domin shaida ce cewa ɓangaren yana ƙasa, kuma ya dace da zanenki. Sai a layi na gaba ki ce girman wannan ɓangaren 4/3 ne. Jimla ita ce 4/3 + 4/3 = 8/3. Ina yawan ganin ɗalibai suna rubuta −4/3 = 4/3 a layi ɗaya, wannan magana ce marar gaskiya ko da niyyar mai rubuta ta daidai ce. Ki yi amfani da sandunan nan biyu, |−4/3| = 4/3, ko ki faɗa da kalmomi.

Sifilin ya yi miki alheri

Wanda ya tsara takardar aikin nan da gangan ya tsaya a 3, don sifili ya fito ya farkar da ɗalibi. Fili mai zane a gabanki ba zai zama sifili ba, dole ki tsaya ki yi tambaya, kamar yadda kika yi. Haka ma in amsa ta fito da mainos, kowa ya san akwai magana. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne amsar da ta fito fulos, da kyan gani, alhali ba daidai ba ce.

Ki matsar da iyakar sama daga 3 zuwa 4 ki gani. F(4) = 64/3 − 32 + 12 = 4/3. Wanda ya yi aikin a dunƙule zai rubuta 4/3, ya ja layi biyu a ƙasa ya wuce, ba abin da zai ɗaga masa hankali. Gwajin difarenshiyeshan zai ce masa daidai. Kalkuleta ma, in ya danna maɓallin ∫ ya sa 0 da 4, 4/3 za ta ba shi. Amma filin gida uku ne: daga 0 zuwa 1 akwai 4/3 a sama, daga 1 zuwa 3 akwai 4/3 a ƙasa, daga 3 zuwa 4 kuma F(4) − F(3) = 4/3 a sama. Girman filin 4 ne cif. Amsar dunƙule ta kawo kashi ɗaya ne cikin uku na gaskiya.

Wannan ya taɓa faruwa da ni, shi ya sa nake nanata shi. A shekarata ta biyu da fara koyarwa na shirya wa aji takardar aiki da dare, na rubuta amsoshi a gaggauce, ban zana kome ba. A tambaya irin wannan na sa amsar dunƙule a takardar amsoshi, na yi wa yara maki da ita. Wani yaro mai shiru-shiru daga Asawase ya biyo ni bayan darasi da zanensa, ya nuna mini ɓangaren da ke ƙasa. Shi na soke, alhali shi kaɗai ne ya yi daidai a ajin. Na mayar masa da makinsa a gaban kowa, na sake koyar da darasin. Tun ranar ban ƙara yin tambayar fili ba sai na fara da y = 0.

Abin da ba ya aiki shi ne a yi intigireshan a dunƙule sannan a cire wa amsar ƙarshe alamar mainos. Wannan dabarar tana cin nasara ne kawai in duk filin yana ƙasa, daga iyaka zuwa iyaka. Da zarar wani ɓangare yana sama wani yana ƙasa, sun riga sun cinye juna a cikin lissafin, cire alama daga baya ba zai dawo da abin da ya tafi ba.

Kada ki daina gwajin da kike yi

Ba na so ki fita daga wannan magana da tunanin cewa difarenshiyeshan ɓata lokaci ne. Al'ada ce mai kyau, kuma ɗalibai kaɗan ne suke da ita. Ga irin kuskuren da yake kamawa nan take. A ce an ba ki (2x + 1)³ daga 0 zuwa 1. Da yawa za su ƙara ɗaya a kan 3 ya zama 4, su raba da 4, su rubuta (2x + 1)⁴/4. In aka yi wa wannan difarenshiyeshan, 4 ɗin zai sauko ya kashe na ƙasa, amma 2 da ke manne da x a cikin baka shi ma zai fito waje. Sai a samu 2(2x + 1)³, ninki biyu na abin da aka fara da shi. Gwajin ya nuna akwai kuskure, ya kuma faɗi maganinsa: a sake rabawa da 2. Daidai shi ne (2x + 1)⁴/8.

Da daidai ɗin, amsa ita ce 81/8 − 1/8 = 10. Mai kuskuren zai samu 20. Ki lura da 1/8 ɗin nan. Yara sun saba cewa in iyakar ƙasa sifili ce to F(0) sifili ne, har sukan daina lissafa shi. A tambayarki haka ne, domin kowane yanki na F yana ɗauke da x. A nan kuwa akwai 1 a cikin baka da ba ya ɓacewa. Wanda ya tsallake shi zai samu 81/8, kuma difarenshiyeshan ba zai ce masa uffan ba, domin F ɗinsa lafiya lau yake.

Wannan ya kawo mu gaɓa ta biyu, wurin sa lambobi. A ganina nan ne aka fi asarar maki a ɓoye, musamman in iyakar ƙasa tana da mainos. Mu ɗauki y = x² − x − 2, wanda yake tsallaka layin x a −1 da 2, kuma duk abin da ke tsakani yana ƙasa. F(x) = x³/3 − x²/2 − 2x. A sama, F(2) = 8/3 − 2 − 4 = −10/3. A ƙasa sai a hankali: (−1)³/3 shi ne −1/3, (−1)² shi ne 1, don haka yanki na biyu −1/2 ne, −2 sau −1 shi ne +2. Jimla 7/6. Sai F(2) − F(−1) = −10/3 − 7/6 = −27/6 = −9/2. Girman fili 9/2.

Inda ake zamewa shi ne yanki na biyu. Ɗalibi ya ga mainos a gaban x²/2, ya ga mainos a jikin 1, sai ya ce mainos biyu sun zama fulos, ya rubuta +1/2. Ya manta cewa sukwaya ta riga ta cinye mainos ɗin da ke jikin 1, saura na waje kaɗai. Kalkuleta ma tana taimaka wa wannan kuskuren: in kika danna −1² ba baka, −1 za ta ba ki, domin tana yin sukwaya kafin ta sa alama. Da wannan kuskuren F(−1) zai zama 13/6, amsa ta koma 11/2. Lamba ce mai kama da gaskiya. Shawarata ita ce ki lissafa F na sama shi kaɗai a layinsa, F na ƙasa shi kaɗai a nasa layin, kowace lamba mai mainos ki sa ta cikin baka, sannan ki yi ragin a layi na uku.

Gwajin da ya dace da filin kansa

To da me za a gwada lambar ƙarshe? Da zanen. Mafi sauƙi shi ne ki kewaye filin da akwati mai kusurwa huɗu a ranki. Ɓangaren ƙasa na tambayarki faɗinsa 2 ne, daga 1 zuwa 3, zurfinsa 1. Akwatin da zai rufe shi girmansa 2 ne, don haka amsa ba za ta kai 2 ba. Alwatikar da za ki zana a cikinsa, daga 1 zuwa gindin zuwa 3, girmanta 1 ne, don haka amsa ta fi 1. Lamba 4/3 ta zauna a tsakani. A misalin (2x + 1)³ ma haka: zanen ya tashi daga 1 ya ƙare a 27 a kan faɗi 1, kuma yana lotsawa ƙasan miƙaƙƙen layin da ya haɗa ƙarshen biyu. Filin da ke ƙarƙashin miƙaƙƙen layin 14 ne, wato rabin 1 + 27. Amsar 20 ta fi ƙarfin wurin, 10 kuwa ta shiga.

Ga farabola, wato zanen da x² ne mafi girma a cikinsa, akwai gwajin da ya fi wannan kaifi, kuma ina ƙaunarsa ƙwarai. Archimedes, masanin lissafi na Girka, ya gano shi fiye da shekara 2,200 da suka wuce, tun babu intigireshan a duniya. In miƙaƙƙen layi ya yanke farabola, yankin da ya fita kashi biyu ne cikin uku na akwatin da ya kewaye shi. A tambayarki, 2/3 sau faɗi 2 sau zurfi 1 ya ba da 4/3, daidai da abin da muka samu. A misalin x² − x − 2, faɗi 3 ne. Gindin farabola yana tsakiyar wuraren tsallakawa biyu, wato x = 1/2, inda y = 1/4 − 1/2 − 2 = −9/4. Sai 2/3 sau 3 sau 9/4, ya ba da 9/2. Ki ga amfaninsa: amsar kuskure ta 11/2 za ta wuce gwajin akwati, domin akwatin 27/4 ne, ya fi ta girma. Amma ba za ta wuce gwajin kashi biyu cikin uku ba.

Sai dai ki san iyakarsa. Na farabola ne kawai, kuma sai yankin da yake rufe daga wurin tsallakawa zuwa wurin tsallakawa. Ba zai ba ki ɓangaren 0 zuwa 1 ba, domin wannan guntu ne da layin y ya yanke. Ba zai yi aiki a kan x³ ba. Kuma a jarrabawar WASSCE gwaji ne na gefen takarda, ba zai maye gurbin aikin ba, domin ana ba da maki ne a kan hanyar da aka bi, ba a kan lambar ƙarshe kaɗai ba.

In kina da kalkuleta irin Casio fx-991ES PLUS da yawancin ɗalibanmu suke riƙewa, tana iya taimakawa ta hanya biyu. MODE 7 zai buɗe miki TABLE, ki sa y, ki ba ta farko da ƙarshe da tazara, ta jero miki darajoji. Duk inda alama ta juya daga fulos zuwa mainos, zanen ya tsallaka a wurin. Sannan in kika danna ∫, ki sa y a cikin Abs, wanda ke kan SHIFT da hyp, kalkuleta za ta ɗauki kowane sala a matsayin fulos, ta ba ki kusan 2.6667 a tambayarki, wato 8/3. Takan ɗan jima kafin ta amsa, kada ki ɗauka ta lalace. Ba tare da Abs ba, sifilinki za ta maimaita miki.

Ba kullum ake rabawa ba

Kada kuma ki koma raba kowace tambaya. Ki karanta abin da aka nema. In an rubuta intigiral da iyakokinsa aka ce a nemo darajarsa, ba a ambaci fili ba, to sifilin nan naki shi ne amsa, wanda ya rubuta 8/3 shi ne ya faɗi. Za ki sake haɗuwa da wannan bambancin a tambayoyin motsi. A ce saurin wani abu v = t² − 4t + 3 ne, mita a daƙiƙa, daga t = 0 zuwa t = 3. A daƙiƙar farko ya yi gaba mita 4/3, sannan ya juyo ya dawo mita 4/3. In an tambayi nisansa daga inda ya tashi, sifili ne. In an tambayi tsawon tafiyar da ya yi, mita 8/3 ne. Lissafi ɗaya, tambaya biyu.

Haka kuma ba duk inda y ya zama sifili ne zane yake tsallakawa ba. A y = x(x − 2)², a x = 2 taɓa layin x kawai yake yi ya koma sama, domin sukwaya ba ta zama mainos. In kin raba a wurin ba ki yi asarar kome ba sai lokaci, amsa ba za ta canza ba. Shi ya sa nake cewa ki gwada lamba ɗaya a kowane ɓangare, kada ki ɗauka cewa sama da ƙasa suna karɓa-karɓa ne kullum.

In takardar aikinku ta kai ga fili tsakanin zane biyu, a nan layin x ba ya cikin lissafi sam. A ce filin da ke tsakanin farabolarki da layin y = x − 1 ake nema. Sun haɗu inda x² − 5x + 4 = 0, wato a 1 da 4. Wani ɓangaren filin yana ƙasan layin x, wani yana sama, amma ba sai kin raba ba. Tsawon kowane sala shi ne na sama a cire na ƙasa. A x = 2, layin yana 1, farabola tana −1, tazararsu 1 − (−1) = 2, fulos da kanta. Ki yi intigireshan na −x² + 5x − 4 daga 1 zuwa 4, za ki samu 9/2. Abin lura a irin wannan shi ne ko zanen biyu sun sauya wuri a tsakanin iyakokin, na sama ya koma ƙasa. In sun sauya, nan ne wurin rabawa.

Akwai wuri ɗaya da gwajin difarenshiyeshan zai amince da ke alhali aikin gaba ɗaya bai halatta ba, ya kamata ki san shi. Ki ɗauki y = 1/x² daga −1 zuwa 1. F(x) = −1/x, kuma in kin gwada zai dawo da 1/x² daidai. F(1) − F(−1) = −1 − 1 = −2. Amma 1/x² bai taɓa sauka ƙasan layin x ba, ta ina mainos zai fito? Abin da ya faru shi ne zanen ya tsinke a x = 0, ya yi sama ba iyaka, kuma ƙa'idar F(b) − F(a) tana aiki ne kawai in zanen bai tsinke ba tsakanin iyakokin biyu, a da b. A nan cire alama ki rubuta 2 ma kuskure ne, domin filin ba shi da iyakar girma. Duk lokacin da kika ga x a ƙasan layin rabawa, ki duba ko lambar da za ta mayar da ƙasan sifili tana cikin tazararki.

Ki gwada wannan a daren nan kafin ki koma kan sauran tambayoyin takardar: y = x² − 2x, daga x = 0 zuwa x = 4. Ki fara da y = 0, ki zana, ki samo F ki gwada shi yadda kika saba, ki lissafa F a kowane wurin rabawa a layinsa, sannan ki auna ɓangaren ƙasa da kashi biyu cikin uku. In kin samu 16/3, kin yi shi a dunƙule ne. In kin samu 8, ki kai wa malaminku tare da gyaran tambayar farko. Allah Ya ba da sa'ar jarrabawa, 'yata.